Ƙarfe 6:45 na safe, amma na wace rana? Nazarin wata tafiya daga Los Angeles zuwa Sakkwato

Asalin lamarin: Janairu zuwa Satumba 2024

Mutumin da lamarin ya shafa malami ne a wata babbar makaranta a Sakkwato, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai. A watan Janairu 2024 ya tafi ƙaro ilimi na shekara guda a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ba baƙon jirgi ba ne. Ya yi aikin Hajji, ya yi Umra, ya je Legas da Abuja ba adadi. Sai dai duk waɗannan tafiye-tafiye gajeru ne ta fuskar agogo: cikin Najeriya babu bambanci ko na minti ɗaya, Saudiyya kuwa awa biyu kacal ta riga mu. Bai taɓa yin tafiyar da za ta ci rana sukutum daga kalanda ba.

Da zai tafi, ya tashi daga Abuja ranar Litinin da ƙarfe 1:00 na rana, ya ya da zango a Doha, ya sauka Los Angeles ranar Talata da ƙarfe 1:00 na rana. A idonsa, tafiyar kwana ɗaya ce cif: ɗaya na rana zuwa ɗaya na rana. Haka ya faɗa wa iyalinsa, haka kuma ta zauna masa a ka. A zahiri awa 33 ya yi a hanya, domin a watan Janairu agogon Los Angeles yana bayan na Najeriya da awa tara. Awa taran nan sun shige cikin agogo ba tare da ya lura ba. Abin da ya riƙe daga wannan tafiya abu biyu ne: cewa kwana ɗaya ake yi, da cewa idan ana lissafin jirgi cire awanni ake yi.

A watan Satumba aka sa ranar auren ɗiyar wansa marigayi. Shi ya riƙe ta tun tana firamare, shi ne kuma babba a cikin baffanninta, saboda haka shi ne waliyyi. Aka tsayar da Juma'a 11 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana, bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar gidansu da ke cikin gari. Dangin ango daga Birnin Kebbi za su zo. Kai amarya daren Asabar, walima ranar Lahadi. Aka buga kati.

Shi kuma yana da aikin da ba zai bari ba sai ranar Laraba da yamma. Don haka ya nemi jirgin Alhamis.

Sayen tikiti da lissafin da ya yi

Da wayarsa ya sayi tikitin, da dare, bayan ya kwatanta farashi. Layin da ya gani a fuskar wayar shi ne wannan:

```
LAX 15:30 – ABV 06:45 +2
31h 15m
```

Tashi ƙarfe 3:30 na yammacin Alhamis, sauka Abuja ƙarfe 6:45 na safe. Alamar `+2` da ke gefe ya ɗauka jaka biyu ake nufi, tunda jaka biyu aka ba shi damar aunawa. Awa 31 da minti 15 kuwa ya gani, amma ya ce a ransa ai sun cuɗa bambancin agogo ne a ciki, shi ya sa ta yi yawa haka.

Bai tsaya nan ba, sai da ya yi nasa lissafin a takarda. Ya duba tsawon kowane jirgi: Los Angeles zuwa Doha awa 15 da minti 45, Doha zuwa Abuja awa 7. Ya haɗa, ya samu awa 22 da minti 45. Ya san cewa a Oktoba tazarar da ke tsakaninsa da gida awa takwas ce, domin kullum sai ya kira iyalinsa. Sai ya cire takwas, kamar yadda ya saba tun zuwansa, ya rage awa 14 da minti 45. Ya ɗora wannan a kan 3:30 na yammacin Alhamis, ya faɗa a kan 6:15 na safiyar Juma'a. Tikiti ya ce 6:45. Rabin awan da ya rage ya ce na sauya jirgi ne a Doha.

Lissafi ya yi daidai da tikiti, hankalinsa ya kwanta. Ya aika saƙon murya ga wani mai sayar da tikiti a Sakkwato wanda ya saba hulɗa da shi, ya ce ya yankar masa na Abuja zuwa Sakkwato ranar Juma'a da safe. Aka samu na ƙarfe 10:30. Tafiyar ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, ke nan kafin 12:00 yana filin jirgin Sultan Abubakar III, ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya samu Juma'a. Ya kuma gaya wa wani ɗan 'yar'uwarsa da ke aiki a Abuja ya tarbe shi da asuba don ya taimaka masa da kaya.

Makonni uku kafin tafiya

A cikin waɗannan makonni abu biyu sun faru da za su iya tona kuskuren.

Na farko, matarsa ta tambaye shi a waya. Ta ce, “Malam, wancan karon da ka tafi ai mun daɗe ba mu ji ka ba. Yanzu ka ce ka tashi Alhamis da yamma ka kwana Abuja da asuba?” Ya ce mata dawowa ta fi sauri, kuma ya yi lissafi ya gani. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar tasa, domin jiragen da ke nufar gabas sukan samu iskar sama tana tura su daga baya, su rage minti talatin ko awa guda. Amma wannan ragi yana cikin awa 15 da minti 45 ɗin da aka riga aka rubuta.

Na biyu, cikakkiyar takardar tikitin ta shigo masa ta imel tun ranar da ya biya. A cikinta kowane jirgi da kwanan watansa. Bai buɗe ta ba, hoton layin farko da ya ɗauka a waya shi ya riƙa nuna wa mutane. Mai sayar da tikitin na Sakkwato shi ma bai ga takardar ba. Rana aka faɗa masa, rana ya yanka.

Alhamis 10 ga Oktoba, 12:40 na rana a Los Angeles

A kantar awon kaya aka miƙo masa katin shiga jirgi guda biyu. Ya yi 'yan taku kaɗan yana duba su, sai ya tsaya. Abin da ke jikinsu ke nan:

```
LAX 10OCT 15:30   DOH 11OCT 17:15
DOH 12OCT 01:45   ABV 12OCT 06:45
```

Ya koma kanta da nufin a gyara masa, domin a ganinsa an buga 12 a wurin 11. Ma'aikaciyar ta duba na'ura ta ce babu kuskure. Ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta nuna masa cewa lokacin da zai sauka Doha ma Juma'a ta yi yamma. Ta ce `+2` ɗin da ya gani yana nufin zai sauka kwana biyu bayan ranar da ya tashi.

Dokar da ake rubuta tikiti da ita ɗaya ce a duk duniya. Lokacin tashi ana rubuta shi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Layi guda yana ɗauke da agogo biyu, kuma ba a cire wannan daga wancan. Adadin awannin da ake rubutawa a ƙasa kuwa, irin 31 da minti 15 ɗin nan, shi ne ainihin tsawon tafiyar, wanda mutum zai samu da ya danna agogon hannu a lokacin tashi ya tsayar a lokacin sauka. Babu bambancin agogo a cikinsa ko kaɗan.

Dalilin bambancin sananne ne. Duniya tana juyawa zagaye ɗaya, digiri 360, a cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, kuma wanda ke gabas shi ke fara ganin rana. Duk mai sauraron rediyo a ƙasar Hausa ya san yadda ake cewa ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Najeriya tana gaban GMT da awa ɗaya. Doha tana gabansa da awa uku. Los Angeles a watan Oktoba tana bayansa da awa bakwai. Ke nan daga Los Angeles zuwa Doha mutum yana tura agogonsa gaba da awa goma, daga Doha zuwa Abuja ya dawo da shi baya da awa biyu, jimla takwas gaba.

Ya samu kujera kusa da kanta, ya juya bayan takardar tikitin, ya mayar da kowane lokaci zuwa agogon Sakkwato. Tashinsa 3:30 na yamma shi ne 11:30 na daren Alhamis a gida. Saukarsa Doha 5:15 na yamma shi ne 3:15 na yammacin Juma'a a gida. Tashi daga Doha 1:45 na dare shi ne 11:45 na daren Juma'a. Sauka Abuja 6:45 na safiyar Asabar. Da ya jera su haka sai ga awa takwas da rabi na zaman jira a Doha sun fito fili, waɗanda bai sa a lissafin farko ba. Sai ga kuma abin da ya fi ɗaga masa hankali: a daidai 2:30 na ranar Juma'a, lokacin da za a ɗaura aure, yana sama, saura minti 45 ya sauka Doha.

A Sakkwato a lokacin ƙarfe 9:00 na dare ta kusa. Yana da kamar awa biyu kafin a kira shiga jirgi.

Daren Alhamis: abin da aka gwada

Abu na farko da ya yi shi ne neman wani jirgin. Ya je teburin sayar da tikiti ya tambayi duk hanyar da za ta kai shi Abuja da safiyar Juma'a, ko nawa ne. Daga lokacin da yake tsaye a wurin zuwa 2:30 na ranar Juma'a a Sakkwato bai cika awa 18 ba. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Los Angeles zuwa Najeriya. Hanya mafi kusa ita ce ta Turai: awa goma da wani abu zuwa can, sannan kamar awa shida zuwa Abuja. Ko da jirgin Turai zai tashi da 3:30 ɗin, ko da kuma zai sauka ya tarar da na Abuja yana jiransa ƙofa a buɗe, sai wajen 4:00 na yammacin Juma'a zai taka ƙasar Najeriya, kuma Abuja ce ba Sakkwato ba. Kusan minti arba'in ya ɓatar a kan wannan kafin ya haƙura.

Sai ya kira ƙanensa. Ƙanen yana ƙofar gida ana kafa rumfa.

“Yaya, ka shiga jirgi?”

“Ban shiga ba tukuna. Akwai matsala. Ba zan iso gobe ba, sai jibi.”

“Subhanallahi. Mi ya faru? Sun soke jirgin?”

“Ba su soke ba. Ni ne na karanta rana ba daidai ba.”

Abu na biyu da aka gwada shi ne ɗage ɗaurin auren zuwa Asabar da la'asar. Ƙanen ya shiga wurin Inna, daga nan ya tafi gidan wani dattijo, ƙanen kakansu, wanda ba a yanke magana sai da shi. Dattijon bai ɗauki lokaci ba. Ya ce wasu daga cikin mutanen Birnin Kebbi sun riga sun sauka a gari, sauran da asuba za su kamo hanya, an raba kati, an gaya wa liman, an sayi goro da alewa. Ya ƙara da tambayar da babu wanda ya iya amsawa: wa ya tabbatar cewa ranar Asabar ɗin ma zai iso Sakkwato kafin la'asar? Maganar ɗagewa ta mutu a nan.

Abu na uku dattijon ne ya kawo shi. Ya ce ai waliyyi yana iya wakilta wani, ba sabon abu ba ne, a kira liman. Wajen 10:15 na dare aka haɗu a zauren dattijon, shi da liman da ƙanen da wasu maƙwabta biyu, aka buɗe muryar wayar kowa yana ji. Liman ya tambaye shi sunansa, ya tambayi sunan yarinyar da na wanda za a ba, da sadakin da aka yanka. Ya ce masa, “To Malam, faɗi da bakinka.” Ya ce ya wakilta ƙanensa ya ba da auren ɗiyar wansa ga wane ɗan wane a kan sadaki kaza, ya kuma karɓi sadakin a madadinsa. Liman ya tambayi waɗanda ke zaune ko sun ji, suka ce sun ji. Duka bai kai minti goma ba.

Saura tikitin cikin gida. Mai sayar da tikitin ya rufe shago, sai a waya aka same shi. Ya duba ya ce jirgin Asabar babu kujera ko ɗaya, sai na Lahadi da safe, kuma akwai kuɗin canji. Aka ce ya canza. Da an bari sai da safe, da jirgin 10:30 ya tashi ba shi, a rubuta shi cikin waɗanda ba su zo ba, wanda hakan yakan jawo tara mafi tsada ko asarar tikitin ɗungurungum, gwargwadon irin wanda aka saya.

Mutum ɗaya aka manta da shi: yaron nan na Abuja. Ya tashi tun kafin asuba, ya isa filin jirgi, ya tsaya a bakin ƙofar fitowa har kusan 9:00 na safe yana kiran lambar kawunsa a kashe, kafin ya kira Sakkwato a gaya masa. A ƙarfe 6:45 ɗin da yake ta leƙe, kawun nasa ya yi awa bakwai da kwata ne kawai a sama, bai ko kai rabin hanyar Doha ba.

A cikin jirgi da zaman Doha

Jirgin ya bi ta arewa, ta saman Kanada, sannan ya karkato. Saboda gabas ya nufa, rana ta faɗi da wuri, daren ya yi gajere, gari ya sake wayewa alhali jikinsa yana gaya masa tsakar dare ne. A cikin ƙasa da awa 16 lokutan salla na yini guda cur suka wuce ta kansa. Agogon hannunsa bai amfane shi ba a nan, na Los Angeles yake nunawa. Na Sakkwato ma da ya rubuta a takarda bai amfane shi ba, domin salla tana bin ranar wurin da mutum yake ne. Sai ya riƙa ɗaga murfin taga kaɗan yana duba sararin sama, yana kuma kallon taswirar da ke allon bayan kujera, wadda ke nuna inda dare ya tsaya da inda rana ta fara. Ya yi ƙasaru, ya haɗa waɗanda ake haɗawa. Juma'a kuwa ba ta wajaba a kan matafiyi ba, azahar ya yi.

Ya sauka Doha rana tana faɗuwa. Da wayarsa ta kama intanet sai saƙonni suka yi ta shigowa, har da hoton ƙanensa a zaune gaban liman. An ɗaura tun minti arba'in da suka wuce.

A nan ya yi wani ƙaramin abu da ya hana kuskure na biyu. Wayarsa ta juya da kanta zuwa agogon Doha, na hannunsa kuwa yana nan a kan 7:15 na safe. Ya cire shi ya saita da allon filin jirgin, sannan ya sa ƙararrawa a waya a kan 12:15 na dare kafin ya kishingiɗa. Jirgin da aka rubuta wa 01:45 ranar 12 ga wata, a daren 11 ga wata ake shirin shigarsa. Irin wannan lokaci na bayan sha biyun dare ya sha sa matafiya zuwa filin jirgi da daren washegari, su tarar jirginsu ya tashi tun jiya.

Asabar 12 da Lahadi 13 ga Oktoba

Jirgin ya sauka Abuja a kan lokaci. Kafin ya gama da jami'an shige da fice, ya jira jakunkunansa, ya wuce kwastam, 8:30 ta yi. Ya so ya shiga mota. Daga Abuja zuwa Sakkwato ta Kaduna, Zariya, Funtuwa, Gusau da Talatar Mafara ya haura kilomita 600, kuma wanda ya bar tasha da hantsi dare zai riske shi a yankin da mutane ke gudun bi bayan magariba. Inna ta ce ba ta yarda ba. Ya kwana a Abuja. A daren aka kai amarya.

Ranar Lahadi ya sauka Sakkwato kafin azahar, ya samu walima. Kwana huɗu ko biyar na farko barci ya ƙi daidaita: da asuba, lokacin da ake kiran salla, jikinsa yana kan 9:30 na daren Kalifoniya, da hantsi kuma ido ya ƙi buɗuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi tafiya gabas, ya kuma wuce da kansa.

Komawa: 4 ga Nuwamba

Kafin ya koma ya buɗe cikakkiyar takardar tikitin ya mayar da komai agogon Sakkwato, sai ya ga lissafin ya saɓa da awa ɗaya. Dalili shi ne ranar Lahadi 3 ga Nuwamba Amurka ta mayar da agogonta baya da awa guda. Mafi yawan jihohinta suna tura agogo gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, su dawo da shi a Lahadi ta farko ta Nuwamba. Najeriya ba ta yin haka, Doha ma ba ta yi. Tazarar da ta kasance takwas a Oktoba ta koma tara. Ya gyara, ya aika wa abokin aikinsa da zai ɗauke shi rana da kwanan wata da lokaci, ya rubuta cewa da agogon Los Angeles ne. Ya sauka a ranar da ya faɗa.

Hukunci

Kuskure biyu ya yi a lissafin farko, kuma da ɗaya kawai ya yi da an gano shi tun a Satumba. Ya cire awa takwas a inda ya kamata ya ƙara, wanda ya karkatar da amsar da awa 16, takwas da bai ƙara ba da takwas da ya cire. Ya kuma bar zaman Doha, awa takwas da rabi. Idan aka haɗa, awa 24 da rabi ke nan, kwana ɗaya da 'yan mintuna. Da zaman Doha awa uku ne, da lissafinsa ya saɓa wa tikiti da awanni masu yawa, dole ya sake dubawa. Amma kuskuren ya zagayo ya faɗa kusan a kan ƙarfen da tikiti ya ambata, kuma fuskar agogo ba ta nuna rana. Kamar wanda ya isa kasuwar ƙauye da hantsi daidai lokacin cinta, amma ba ranar da take ci ba. Shi ya sa nake ganin lissafin da ya yi ya fi cutar da shi a kan rashin yin sa, domin shi ya ba shi ƙarfin gwiwar ture tambayar matarsa.

Ban ga laifin kamfanin jirgi ba, sun rubuta `+2`, sun rubuta tsawon tafiya, sun aiko da kwanan wata. Mai sayar da tikitin na Sakkwato kuwa yana da ɗan kaso. Wanda aka ce ya yanki tikitin da zai haɗu da jirgin waje, kamata ya yi ya nemi ganin takardar jirgin wajen kafin ya karɓi kuɗi. Minti ɗaya ya ishe shi ganin `12OCT`.

Neman wani jirgi da ɗage aure sun gaza ne saboda lokacin da aka gano matsalar. Da ranar Litinin aka gano, kowannensu mai yiwuwa ne. Wakilci ya yi aiki saboda ba ya buƙatar jikinsa ya ƙetare komai, murya kawai da shaidu, kuma saboda an samu awa biyun nan kafin a rufe ƙofar jirgi. Da bai duba katin a kanta ba, da sai a sama zai gane, wayarsa a kashe, dangi suna zaune da baƙi ba su san ko yana raye ba. Mayar da kowane lokaci zuwa agogo ɗaya, da rubuta sunan rana a gefen kowanne, shi ne abin da ya warware masa lissafin a cikin minti biyar, kuma bai buƙaci komai ba sai bayan takarda da sanin tazarar kowane gari a wannan watan.

Akwai tambayar da ya yi ta maimaitawa daga baya: da ya roƙi a sake shi da wuri ya bi jirgin Laraba, da ya samu? A takarda, e. Zai sauka Abuja 6:45 na safiyar Juma'a, ya fito 8:30, ya kama na 10:30. Amma tikiti biyu ne daban daga kamfani biyu daban, na biyun ba zai jira na farkon ba, kuma jinkirin awa ɗaya da rabi a Doha, ko jaka ɗaya da ta ƙi fitowa, ko a ɗaga jirgin Sakkwato zuwa yamma kamar yadda akan yi, ya isa ya rushe shirin. Jirgin da ya dace da ɗaurin auren Juma'a 11 ga wata shi ne na Talata 8 ga wata, wanda zai sauke shi Abuja da safiyar Alhamis.